Deribe ta √x da ta 1/x daga limit: inda h yake ɓuya, da yadda ake fiddo shi

Tambaya: Mushe, barka da aiki. Ina ajin tarminal D a nan Tawa. A debuwar ɗin da ya wuce an ce mu nemo deribe ta √x da ta 1/x daga ma'anarta, wato da limit. Na rubuta 1/(2√x) da −1/x² yadda na haddace, malaminmu bai ba ni maki ba, ya ce ba abin da ya tambaya ke nan ba. Da na koma gida na gwada da limit, ina sa h = 0 sai 0/0 ya fito, na tsaya cik. Ta ina ake bi? Kuma 2 ɗin nan na ƙasa, daga ina ya fito?

Amsa: Barka kadai, ɗiyata. Malaminku yana da gaskiya, ke ma ba ki yi ɓatan kai ba. Inda kika tsaya, nan ne bakin ƙofar, kuma duk wanda ya bi hanyar daidai sai ya iske 0/0 ɗin nan a gabansa, ko wace irin fonkisiyon aka ba shi. Dalili a fili yake. Abin da muke lissafawa shi ne

T(h) = [f(a + h) − f(a)] / h

In kika sa h = 0, na sama ya zama f(a) − f(a), wato sifili, na ƙasa ma sifili. Da x² haka ne, da x³ haka ne. To tunda h yana ƙasa yana hana mu wucewa, aikinmu guda ɗaya ne tak: mu nemo wani h ɗin a sama, mu fiddo shi fili a matsayin abin ninkawa, su soke juna. Da x² abin yana zuwa da sauƙi, don kina buɗe (a + h)² sai h ya fito da kansa. Da rasin da kuma 1/x, h ɗin yana ɓoye, ɗaya a ƙarƙashin alamar rasin, ɗaya a gindin faraksiyon, kowanne da dabarar fiddo shi. Zan daɗe a kan rasin, don nan ne aka fi zubar da maki, kuma nan ne 2 ɗinki yake.

Kafin alƙalami, mu fita bakin gari inda ake yanka filaye. Ga wani mutum da filinsa, metir 20 kowane gefe, girmansa metir kare 400. Magini ya kafa turaku huɗu, ya ja igiya. Sai aka ce za a ƙara ma mutumin nan ƙasa, amma da sharaɗin filin ya tsaya yadda yake, gefe huɗu daidai wa daida. Turken kusurwar yamma da kudu ba za a taɓa shi ba, za a matsa igiyar gabas da ta arewa ne kawai. Tambayar magini ita ce: in an ƙara girman fili da kaza, taku nawa zan matsa igiya? Gefen fili shi ne rasin ɗin girmansa, saboda haka tambayar magini tambaya ce a kan √x, a wurin a = 400.

A ce an ƙara masa metir kare 41. Fili ya zama 441, gefe ya zama 21, igiya ta matsa metir 1. Yanzu dubi ƙasar da aka ƙara. Ba dunƙule take ba, siririn zirin ƙasa ne da ya bi gefen gabas, ya karya kwana, ya bi gefen arewa. Ki yanke shi a kwanar, ki miƙe shi. Hannu ɗaya tsawonsa 20, wato tsohon gefe. Ɗaya hannun, da ya haɗa da ɗan guntun kusurwa, tsawonsa 21, wato sabon gefe. Kin haɗa su baki da baki, kin samu ziri mai tsawon 41 da faɗin 1, girmansa 41, daidai da abin da aka ƙara. Wannan ba dace ba ne na lambar 41. Ko nawa aka ƙara, zirin nan faɗinsa shi ne sabon gefe a ɗebe tsohon gefe, tsawonsa sabon gefe a haɗa da tsohon gefe, girmansa kuma h. A rubuce:

(√(a + h) − √a) × (√(a + h) + √a) = h

Na sha zana wannan a ƙasa da tsinke a tsakar lise, lokacin zafin Afrilu da aji ba ya zaunuwa, kuma ina ganin yadda fuskar yara ke sauyawa in sun gane cewa layin nan da suka ɗauka dabo ne, ashe zirin ƙasa ne aka miƙe. Shi ne idantiten da kika sani tun kolej, (A − B)(A + B) = A² − B², an sa A = √(a + h) da B = √a. A² ya ba da a + h, B² ya ba da a, an ɗebe, saura h. Abin da ke cikin baka na biyu, √(a + h) + √a, shi ne littafinku ke kira konjige. Ga h ɗin da muke nema ya fito daga ƙarƙashin rasin.

Yanzu ga yadda za ki rubuta a takarda. Fara da sharaɗi, kada ki tsallake shi: a > 0, h ≠ 0, kuma a + h ≥ 0 don rasin ɗin ya kasance akwai shi. Sannan:

T(h) = (√(a + h) − √a) / h

Ki ninka sama da ƙasa da konjige. An yarda da wannan saboda konjigen ba sifili ba ne, tunda √a kaɗai ya fi sifili, kuma ninka sama da ƙasa da abu guda daidai yake da ninkawa da 1:

T(h) = [(√(a + h) − √a)(√(a + h) + √a)] / [h(√(a + h) + √a)]

T(h) = [(a + h) − a] / [h(√(a + h) + √a)]

T(h) = h / [h(√(a + h) + √a)]

T(h) = 1 / (√(a + h) + √a)

A layin ƙarshe mun soke h da h, kuma muna da izinin yin haka don mun faɗa tun farko h ≠ 0. Sai yanzu, ba kafin yanzu ba, ake barin h ya nufi sifili. a + h yana nufar a, rasin ɗinsa yana nufar √a, ƙasa ya zama √a + √a, kuma

f′(a) = 1 / (2√a)

Ga 2 ɗinki. Tsohon gefe ne da sabon gefe. In ƙarin ƙasar ya ƙanƙance sosai, sabon gefe ya kusa zama tsohon, sai tsawon zirin ya koma gefe biyu. A filin mutumin nan, 1/(20 + 20), wato 1/40, ko 0,025. Ma'anarsa ga magini: kusa da 400, kowane metir kare guda da aka ƙara yana matsa igiya kamar santimetir biyu da rabi. An shimfiɗa ƙarin ne a gefe biyu, shi ya sa aka raba da ninki biyu na gefe.

Ina so ki ɗauki kalkilatiris ki ga abin da idonki, don limit ba abin a karɓa da ka ba ne. Da h = 41, T ya ba da 1/41, kusan 0,02439. Da h = 4, √404 kusan 20,09975 ne, T kusan 0,02494. Da h = 1, √401 kusan 20,024984, T kusan 0,024984. Daga ɗaya ɓangaren, in rage filin aka yi: h = −39 ya kai mu 361, gefe 19, T = 1/39, kusan 0,02564, h = −1 kuma ya ba da kusan 0,025016. Daga dama lambobin suna hawa zuwa 0,025, daga hagu suna sauka zuwa gare shi, sun sa shi tsakiya. Amma ki yi hattara da abu ɗaya a nan. In kika ce bari ki ƙure, kika sa h = 0,000000000000001, na'urar za ta ba ki 0. Ba lissafin ne ya karye ba. Na'urar tana riƙe adadin lambobi ƙayyadadde, a wurinta 400 da ɗan ƙurar nan da 400 duk abu guda ne, ta ɗebe ta samu sifili. In kika sa wannan h ɗin a siffar ƙarshe, 1/(√(a + h) + √a), za ta ba ki 0,025 lafiya lau, don babu ɗebewar abubuwa biyu masu kama da juna a ciki. Domin gwaji, h = 0,01 ko 0,001 ya wadatar.

Na san abin da zai iya yi miki kaikayi a zuci, don ni ma ya yi mini ina ɗalibi. Mun ce h ba sifili ba ne don mu samu damar soke shi, ga shi layi ɗaya bayan nan kamar mun mai da shi sifili. Wannan ba baki biyu ba ne? Tambayar tsohuwa ce. Leibniz ya buga hanyarsa ta wannan lissafi a 1684, mutane suka yi ta aiki da ita tana ba da amsa daidai, amma a 1734 wani limamin coci a Ireland, George Berkeley, ya tsare masu lissafi da wannan ƙorafin, kuma ƙorafinsa yana da tushe. Sai wajen 1821 zuwa 1823 Cauchy a Faransa ya ɗora deribe a kan limit, irin yadda ake koya muku yau. Warwarar ita ce: ba mu taɓa sa h = 0 a cikin T(h) ba. T ba ta da ƙima a sifili, rami ne a wurin. Abin da muka nuna shi ne, a ko'ina ban da bakin ramin, T(h) daidai take da wata siffa, 1/(√(a + h) + √a), wadda ita ba ta da rami. Limit kuwa ba ya tambayar me ke cikin ramin, yana tambayar inda hanya ta dosa in an tunkaro shi daga kowane gefe. Tunda siffofin biyu tafiyarsu ɗaya har bakin ramin, inda ta biyu ta sauka nan ta farko ta dosa. Shi ya sa a takardarki alamar lim za ta tsaya gaban kowane layi har sai lokacin da h ya ɓace gaba ɗaya, ko kuma, abin da na fi so, ki gama gyaran T(h) tukuna ba tare da lim ba, sannan ki kawo lim sau ɗaya a ƙarshe. Hanyar ta biyu ta fi tsabta, kuma ba ta barin ki rubuta abin da ba ki nufa ba.

Akwai ɗan mataki guda da muka taka da sauri: cewa √(a + h) yana nufar √a. A ajinku ana karɓar wannan saboda rasin fonkisiyon ce marar tsinkewa. In kina son ki tabbatar da kanki, zirin nan ya isa: bambancin √(a + h) da √a shi ne h a raba da konjige, konjigen kuma bai taɓa kasa √a ba, saboda haka girman bambancin bai wuce |h|/√a ba. In h ya ƙanƙance, dole shi ma ya ƙanƙance.

Sharaɗin a > 0 kuma ba ado ba ne. Rasin ɗin sifili akwai shi, √0 = 0, amma deribe babu a wurin, kuma wannan tambaya ce da masu shirya jarrabawa ke so. Ɗalibai da yawa sukan rubuta "ba a raba da sifili" su wuce. Wannan ya nuna formil ɗin ba ya aiki a 0, bai nuna deribe babu ba. Hujjar gaskiya sai an koma ma'ana. A a = 0, h dole ya fi sifili, don hagu da 0 babu rasin:

T(h) = (√h − 0) / h = 1 / √h

Da h = 0,01 kin samu 10, da h = 0,0001 kin samu 100, da h = 0,000001 kin samu 1000. Ba ya dosar wata lamba, hawa yake ba iyaka, limit ɗin +∞ ne. Tunda limit ɗin ba lamba ba ce, fonkisiyon ba ta da deribe a 0, kuma a zane layin yana tashi daga 0 a tsaye cak, tanjant ɗinsa a miƙe sama. Magini ma zai gane wannan. Mai fili 400 in an ƙara masa metir kare guda, igiya santimetir biyu da rabi take matsawa. Wanda ba shi da komai in an ba shi metir kare guda, gefensa ya tashi daga sifili zuwa metir cur. In santimetir kare guda aka ba shi, wato 0,0001 na metir kare, gefen ya zama santimetir guda, 0,01, ninki ɗari na lambar da aka ƙara. Babu tsohon gefe da za a shimfiɗa ƙarin a kai.

Bari in gaya miki inda nake ganin jan biro ya fi sauka in ina gyaran takardu. Na farko, kuma mafi muni, shi ne raba rasin: a rubuta √(a + h) = √a + √h. Wanda ya yi haka √a zai soke masa, ya rage da √h/h, limit ɗinsa ya tafi +∞ a kowane a, wai rasin ba shi da deribe ko'ina. Gwajin minti guda yana kashe wannan kuskuren: √(9 + 16) = √25 = 5, amma √9 + √16 = 7. Na biyu ya fi wayo, don mai yinsa ɗalibi ne mai ƙwazo. Ya ninka da konjige daidai, sai ya ce bari ya buɗe ƙasa ma, ya rubuta h√(a + h) + h√a. Bai yi ƙarya ba, amma ya binne h ɗin da ake so a soke, sau da yawa kuma daga nan sai ya soke h na sama da h guda ɗaya na ƙasa ya bar ɗayan. Sama ake buɗewa, ƙasa a bar shi a dunƙule cikin bakansa. Na uku, a ninka sama kawai a mance ƙasa. Alamarsa ita ce amsa ta fito 1 ko da wane a, wato kamar an ce √x miƙaƙƙen layi ne, alhali kin san yana lanƙwasa yana kwantawa. Duk amsar da kika samu, ki tambaye ta abu biyu: alamarta ta dace da hawan fonkisiyon ko saukarta? Girmanta yana raguwa inda zanen ke kwantawa? 1/(2√a) kullum ya fi sifili, rasin kuma kullum hawa yake. A a = 1 rabi ne, a a = 400 ya koma 1/40. Ya dace.

Ita 1/x ba ta buƙatar konjige, faraksiyon biyu ne za a mai da gindinsu ɗaya. Sharaɗi: a ≠ 0, h ≠ 0, kuma h ƙarami ne yadda a + h ba zai kai sifili ba, balle ya tsallaka ɗaya gefen.

1/(a + h) − 1/a = [a − (a + h)] / [a(a + h)] = −h / [a(a + h)]

Ga h ya fito a sama. A raba da h, wato a ninka da 1/h:

T(h) = −1 / [a(a + h)]

In h ya nufi sifili, ƙasa ya nufi a × a, f′(a) = −1/a². Layi uku ke nan, amma a tsakiyarsu akwai tarko guda da ke kama rabin aji: bakan da ke kewaye da a + h. In kika rubuta a − a + h maimakon a − (a + h), alamar ragi ta ɓace, kin fito da +1/a². Za ki gane kin faɗa tarkon in kin tuna 1/x sauka take: 1/2 ya fi 1/3. Fonkisiyon mai sauka ba za ta ba da deribe mai fin sifili ba. Gwada a a = 2: 1/2,1 kusan 0,47619 ne, a ɗebe 0,5 ya ba da −0,02381, a raba da 0,1 ya ba da −0,2381. Da h = 0,01 za ki samu kusan −0,2488. Suna dosar −0,25, wato −1/4. In kina son ki ga ragin nan a ƙasa, koma filin mutumin, amma wannan karon girmansa 400 ba ya sauyawa, tsawo kawai ake ja. Faɗi shi ne 400/x. An ja tsawo daga 20 zuwa 25, faɗi ya sauka daga 20 zuwa 16, an samu 5 a nan an biya 4 a can, T = −4/5 = −0,8, daidai da −400/(20 × 25). Kuma ki lura da bambancinta da rasin a wajen sifili. Rasin yana da ƙima a 0 amma ba shi da deribe. 1/x ba ta ma da ƙima a 0, saboda haka maganar deribe a can ba ta taso ba. A lambobin da ke ƙasa da sifili kuwa lissafin nan yana tafiya yadda yake, a a = −2 ma −1/4 ne.

A jarrabawa da wuya a ba ki √x tsirara, sukan sa wani abu a ciki. Mu ɗauki f(x) = √(2x + 1) a wurin a = 4. Wurin da ake fara zamewa shi ne f(4 + h). Duk inda x yake, ki cire shi ki sa (4 + h) da bakansa: 2(4 + h) + 1 = 9 + 2h. Ba 9 + h ba, wanda shi ne abin da hannu ke saurin rubutawa. f(4) = √9 = 3. Sai:

T(h) = (√(9 + 2h) − 3) / h

Konjige shi ne √(9 + 2h) + 3. Sama ya zama (9 + 2h) − 9 = 2h, ƙasa h(√(9 + 2h) + 3), a soke h:

T(h) = 2 / (√(9 + 2h) + 3)

Limit ɗin 2/(3 + 3) = 1/3. Gwaji da h = 0,01: √9,02 kusan 3,0033315, a ɗebe 3 a raba da 0,01, kusan 0,33315. Ya zauna. Dubi 2 ɗin da ya rage a sama. Shi ne u′ na formil ɗin da kuka haddace, u′/(2√u). Abin da ke cikin rasin yana tafiya ninki biyu na tafiyar x, shi ya sa ƙasar da aka ƙara 2h ce. Wanda ya rubuta 9 + h zai fito da 1/6, gwajin kalkilatiris kuma zai tona shi nan take. Nan ne haddarki take da amfani: ki yi aikin da limit, ki duba amsar da formil a takardar gwaji, amma formil ɗin ba ya shiga cikin hujja.

Wasu malamai sun fi son a rubuta da x da a maimakon h, wato [f(x) − f(a)]/(x − a) in x ya nufi a. Abu guda ne, h shi ne x − a. Da rasin ma wannan siffar tana da gajeriyar hanya mai daɗi: x − a kansa shi ne (√x − √a)(√x + √a), sai ki soke √x − √a sama da ƙasa, saura 1/(√x + √a). Ki bi siffar da malaminku ya yi amfani da ita a aji.

Ga wanda nake so ki yi da hannunki daren nan, don ya haɗa dabarun biyu: g(x) = 1/√x a wurin a = 4. Ki fara da ta faraksiyon, don ita ce a waje. 1/√(4 + h) − 1/2 in an haɗa gindi ya zama (2 − √(4 + h)) a sama, 2√(4 + h) a ƙasa. Har yanzu h yana ƙarƙashin rasin, saboda haka sai konjige, 2 + √(4 + h). Sama zai ba ki 4 − (4 + h), ga bakan nan ya sake dawowa, wato −h. Bayan kin soke h, ƙasa zai rage da abubuwa uku a jere, 2 da √(4 + h) da (2 + √(4 + h)), kada ki buɗe ko ɗaya. In h ya nufi sifili sun zama 2 × 2 × 4. Amsar −1/16 ce, wato −0,0625, kuma da h = 0,01 kalkilatiris zai ba ki kusan −0,0624. In kin samu +1/16, bakan ne ya kuɓuce miki. In kin samu −1/8, ki duba ƙasa, ɗaya daga cikin 2 ɗin nan biyu na farko ya faɗi a hanya. In kuma −1/4 ya fito, gindin 2√(4 + h) ne gaba ɗaya kika bari a baya lokacin da kika juya wajen konjige, sai ki koma layin da kika haɗa faraksiyon ki ɗauko shi.